Lissafin ya ba ni ƙasa da sifili: ina kuskuren yake wajen kimanta hannun jari da rabon riba?

Nafi'u: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman a duba mini wani lissafi. Wani kamfani ne na kayan masarufi da ke kasuwar hannayen jari ta Legas, ba zan kama suna ba don kada a ce talla nake yi. Rabon ribar da ya biya a kan kowane hannun jari a shekaru biyar a jere shi ne naira 2.50, da 3.00, da 2.00, da 4.00, sai na bara 5.00. Ana sayar da shi yanzu naira 70. Na yi amfani da tsarin Gordon, wanda ke fitar da darajar hannun jari a yau, P0, daga rabon baɗi, D1. Na sa ribar da nake nema a shekara, wato r, kashi 20 cikin 100. Ƙaruwar rabon kuma, wato g, na tara ta shekaru huɗu na raba, ta ba ni kusan kashi 28. Ga abin da ya fito:

```
P0 = D1 / (r - g)
P0 = 6.40 / (0.20 - 0.28) = -80
```

Hannun jari ƙasa da sifili da naira 80? Wato ni za a biya in karɓa ke nan?

Garba Fagge: Wa alaikumus salam. To ai ka samu amsa, kamfanin bashi ya ci shi, gudu kawai za ka yi.

Hajiya Rabi: A'a Malam Garba, wannan lambar ba ta ce komai a kan bashi ba. Bashi ma bai shiga lissafin ba. Nafi'u ƙanena, amsar da ka samu ba amsa ba ce, alama ce cewa ka taka sharaɗin tsarin. Wannan gajeren rabawar taƙaitawa ce ta wani dogon tari: rabon baɗi, da na shekara ta biyu, da ta uku, har abada, kowanne an rage shi zuwa darajarsa ta yau. Tarin yana tsayawa a kan lamba ɗaya ne kawai idan g ta gaza r. Idan rabon yana ƙaruwa da kashi 28 kai kuma kana ragewa da kashi 20, kowace shekara mai zuwa ta fi ta bayanta nauyi, tarin ba ya da ƙarshe. Kalkuleta ba ta san wannan ba, za ta raba maka ta ba ka -80.

Kuma tun wajen fitar da 28 ɗin aka samu matsala. Ka tara +20, da -33, da +100, da +25. Wannan +100 ɗin daga naira 2 zuwa 4 ne, mafi yawansa cike ramin da aka faɗa ne, ba ci gaba ba. Kamar ɗan kasuwar da ya yi asarar rabin jarinsa bana, baɗi ya mayar, sai a ce matsakaicin ribarsa kashi 25 ne alhali yana nan inda ya fara.

Nafi'u: Na gane Hajiya. Na sake da ɗaya hanyar, daga 2.50 zuwa 5.00 a tsalle huɗu:

```
g = (5.00 / 2.50)^(1/4) - 1 = 0.189
P0 = 5.95 / (0.20 - 0.19) = 595
```

Yanzu kuma ya ce naira 595, kasuwa tana sayarwa 70. Ko dai na tsinci dami a kala ne?

Malam Isuhu: Ba ka tsinci komai ba tukuna. Hanyar fitar da matsakaicin ta yi daidai a wannan karon, kashi 19 shi ne abin da ya faru a baya. Amma g ba tarihi ba ce. Alkawari ne kake ɗora wa kamfanin cewa zai riƙa ƙara rabo da wannan kason kowace shekara har illa ma sha Allahu. Da kashi 19, rabon yana ninkawa duk shekara huɗu. Cikin shekara ashirin ya ninka sau biyar a jere, naira 5 ta zama kusan 160. Ka tambayi kanka ko kamfanin da ke sayar da sabulu ko taliya zai yi haka ba tare da farashin komai ya tashi tare da shi ba.

Ga kuma inda haɗarin yake: ka bar maki ɗaya tak tsakanin r da g. Duk abin da ka raba da 0.01 ka ninka shi ɗari ne. Bari in riƙe r a kashi 20, rabon bara a naira 5, in motsa g kawai:

```
g = 8%   ->  5.40 / 0.12 = 45
g = 10%  ->  5.50 / 0.10 = 55
g = 12%  ->  5.60 / 0.08 = 70
g = 14%  ->  5.70 / 0.06 = 95
g = 18%  ->  5.90 / 0.02 = 295
```

Daga 8 zuwa 10 an ƙara naira 10. Daga 14 zuwa 18 an ƙara naira 200. Saman rabawar da ƙyar yake motsi, ƙasan ne ke yin duk ɓarnar. Idan ka ga tazarar ta yi ƙasa da maki huɗu ko biyar, ni a ganina lambar da ta fito ba abin jingina ba ce.

Garba Fagge: Ni fa na ga wani ya raba naira 5 kai tsaye da 0.10 ya samu 50. Daga ina kuke kawo 5.50?

Malam Isuhu: Wanda ya saya yau ba zai ci rabon bara ba, an riga an biya mai shi na da. Na farko da zai shigo hannunsa shi ne na baɗi, wato naira 5 da ƙarin kashi 10, 5.50. Wanda ya raba 5 ya rage wa hannun jarin naira 5 cur, kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya na darajarsa. Kuma a tabbata naira 5 ɗin ta shekara ce cikakkiya. Kamfanoni da yawa, musamman bankuna, suna biya sau biyu: na tsakiyar shekara da na ƙarshe. Wanda ya ɗauki na ƙarshen kawai, a ce 3.50, ya manta da 1.50 na tsakiya, zai fito da 38.50 ya ce kasuwa ta haukace.

Hajiya Rabi: A ƙara da ranar da ake lissafin. Idan an riga an sanar da rabon ƙarshe amma ranar rufe rajista ba ta zo ba, mai saye yau zai ci wannan rabon, sai a ɗora shi a kan amsar. Shi ya sa bayan ranar kasuwar hannayen jarin, wato NGX, ke rage farashin da daidai kuɗin rabon. Sabbin shiga sukan ga haka su ɗauka faɗuwa ce.

Nafi'u: To idan ba tarihi ba, a ina zan samo g? Kashi 10 ɗin da Malam ya tsaya a kai, zaɓa kawai aka yi?

Hajiya Rabi: Buɗe rahoton shekara na kamfanin ka ba mu lamba biyu: ribar kowane hannun jari, da wadda ake rubutawa `ROE`, wato ribar da ya samu a kan jarin masu shi.

Nafi'u: Ribar kowane hannun jari naira 10. Ɗayar kuma tana yawo tsakanin kashi 18 da 22 a shekarun nan.

Hajiya Rabi: Madalla. Ya samu 10, ya raba 5, ya riƙe 5. Rabin riba ke nan yake mayarwa cikin sana'a, wannan kason da ake riƙewa shi ake kira b. Idan abin da ya mayar yana kawo kashi 20, jarin masu kamfani yana girma da rabin 20, wato 10, riba da rabo kuma su bi shi a wannan tafiyar:

```
g = b × ROE = 0.5 × 0.20 = 0.10
```

Wannan g ɗin tana da uwa a cikin littattafan kamfanin. Kashi 19 kuwa, don ya ɗore da riƙe rabi, sai jarin ya riƙa kawo kashi 38 kullum. Ba ya kawowa. Ina zargin ninkawar da ka gani ta fito ne daga abu biyu: ko dai a da yana raba ƙaramin kaso na ribarsa yanzu ya ɗaga zuwa rabi, ko kuma hauhawar farashi ce ta kumbura lambobin. Na farko ba ya maimaituwa, domin ba a raba fiye da abin da aka samu. Na biyu kuwa, tsakanin 2020 da 2024 farashin kaya a Najeriya ya fi ninkawa, rabon da ya tashi daga 2.50 zuwa 5 a irin wannan lokacin bai ƙara wa mai shi ko mudun shinkafa ɗaya ba.

Abdul Akanta: Hajiya, a bisa wannan ƙa'idar taki ai magana ta yi sauƙi. Kamfani ya riƙe kashi 70 maimakon 50, g ta hau zuwa 14, kuma jadawalin Malam Isuhu ya nuna 14 tana ba da naira 95. Ashe masu hayaniya a taron shekara suna neman a ƙara rabo kansu suke cuta.

Malam Isuhu: Rabin maganarka daidai ne Abdul, g za ta hau 14. Amma ka ɗauko 95 daga layin da rabon ke 5.70. Wanda ya riƙe kashi 70 ba zai biya 5.70 ba. Ribar baɗi naira 11 ce, kashi 30 nata 3.30:

```
b = 0.5:  5.50 / (0.20 - 0.10) = 55
b = 0.7:  3.30 / (0.20 - 0.14) = 55
b = 0:    11.0 / (0.20 - 0.00) = 55
```

Ba sihiri ba ne. Kuɗin da aka riƙe yana kawo kashi 20, kai ma 20 kake nema, to da a ba ka yau da a juya maka shi duk ɗaya. Bambancin yana fitowa ne idan lambobin biyu suka rabu. Mu ce sabon jarin kashi 15 kawai yake kawowa. Riƙe rabi zai ba da g ta 7.5, darajar 44. Riƙe kashi 70 zai ba da g ta 10.5, darajar ta sauka ƙasa da 35. Ka ga girman ya ƙaru, darajar ta ragu. Manajoji suna son su ce kamfani yana faɗaɗa, to a tambaye su nawa sabon jarin ke kawowa.

Abdul Akanta: Na karɓa. Amma `ROE` da ke cikin rahoto ba lallai ne ita ce ta sabon jari ba. Masana'antar da aka gina tun dala tana ƙasa da naira 200 tana nan a littafi da tsohon farashi, shi ya sa ribar take fitowa babba a kanta. Injin da za a sayo bayan an saki naira a watan Yunin 2023, da farashin yau za a saye shi, ba zai kawo wannan kason ba.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne, kuma yana jan g ƙasa. Sai dai kar a manta kamfanin da ke iya ɗaga farashin kayansa, tsohuwar masana'antar ma ribarta tana hawa ba tare da sabon jari ba, ƙa'idar `b × ROE` kuma ba ta kama wannan. Ɗaya yana ja ƙasa ɗaya sama. Wanne ya rinjaya, sai an san kamfanin da irin kayansa.

Garba Fagge: Ku tsaya. Ni abin da nake so in sani, yaushe zai sauko 55 ɗin in saya? Wata nawa?

Malam Isuhu: Malam Garba, lissafin ba duba ba ne. Bai ce farashi zai je 55 ba, balle ya sa rana. Cewa yake yi: wanda ke neman kashi 20 a shekara, kuma ya yarda rabon zai ƙaru da kashi 10, bai kamata ya biya fiye da 55 ba. Wani mai neman kashi 18 zai ga 68.75, ya sayi abinsa a kusa da farashin yau hankali kwance.

Ni na fi amfani da shi a juye ma. Maimakon in yi gardama da kasuwa, sai in tambaye ta abin da ta ɗauka, D0 a nan rabon bara ne:

```
r = D1/P0 + g = 5.50/70 + 0.10 = 0.179
g = (P0 × r - D0) / (P0 + D0) = (14 - 5) / 75 = 0.12
```

Layin farko yana cewa idan ka saya a 70 kuma g ta tsaya a 10, abin da za ka samu kusan kashi 18 ne: kusan 8 daga rabon da ke shigowa asusunka, 10 daga tashin farashi. Na biyu yana cewa don 70 ta biya ka kashi 20, sai rabon ya ƙaru da 12 har abada. Yanzu tambayar Nafi'u ta zama mai amsuwa: wannan kamfanin zai iya 12? Da riƙe rabi, sai jarinsa ya kawo kashi 24, alhali bai taɓa wuce 22 ba a shekarun da ya duba.

Bintu: Duk kun taru a kan g kun bar r kamar an saukar da ita daga sama. Daga ina 20? Gwamnatin tarayya ba ta fasa biyan bashin naira, ita ce ma'aunin ƙasa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5, takardun baitulmali na shekara ɗaya suna ba da sama da 20. A irin wannan lokacin wa zai ɗauki kasadar hannun jari don kashi 20? Sa 25 ka gani: 5.50 a raba da 0.15, naira 36.67. Kamfanin bai canja ba, ma'aikatansa ba su ragu ba, kashi ɗaya cikin uku na darajar ya tafi.

Malam Isuhu: Kin taɓo wurin, amma da gyara. Ma'aunin da ya dace shi ne takardun lamuni masu dogon zango, na shekara goma ko fiye, ba na shekara ɗaya ba, tunda rabon da muke tarawa na dogon zango ne. Sannan idan kika ɗaga r saboda hauhawar farashi ta wuce kashi 30 kamar a 2024, ba za ki bar g a 10 ba, don kamfanin ma yana ƙara farashin kayansa. Dole su biyun su fito daga duniya ɗaya. Ga gwaji: mu ce hauhawar dogon zango kashi 10 ce. To g ta haƙiƙa sifili ce, r ta haƙiƙa kuma 1.20 a raba da 1.10, kashi 9.09. Naira 5 a raba da 0.0909, 55 ce dai. Kuskuren da ake yi shi ne a cire hauhawa daga ɗaya a bar ta a ɗayar.

Bintu: A takarda haka ne Malam. A kasuwa kuɗin ruwa yana hawa cikin wata ɗaya, kamfani kuwa sai ya shekara biyu yana lallaɓa masu saye kafin ya mayar da farashinsa. Wasu masu bashin dala ma a 2023 asara suka rubuta, rabon ya tsaya cak. Kuma ku dubi jerin Nafi'u, akwai shekarar da ya faɗi daga 3 zuwa 2. Myron Gordon da Eli Shapiro a 1956 suka fitar da wannan tsarin a Amurka, kan tushen da John Burr Williams ya kafa a 1938. Ya fi zama daram a kan kamfanin da ya gama girma yake ƙara rabo kaɗan kaɗan. Wanda rabonsa ke tsalle haka, ban yarda g ɗaya za ta ɗauke shi ba.

Hajiya Rabi: Don haka ake raba shi gida biyu: a ƙiyasta rabon shekara uku ko biyar masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, a rage kowanne zuwa yau, sannan a ɗora Gordon daga inda ake sa ran abubuwa sun lafa. Amma kar a ɗauka an tsira. A lissafinmu na 55, rabon baɗi darajarsa yau 4.58, na biye 4.20, na uku 3.85. Shekara goma na farko gaba ɗaya kusan naira 32 ne, sauran 23 daga bayan shekara goma suke. Idan g ta kai 18, shekara goman farko ba su kai kashi 16 na amsar ba. Wutsiyar ce ke ɗauke da raƙumin, ita kuma har yanzu g ɗaya ce ke tuƙa ta.

Ɗan Maraɗi: Ina karantawa daga Nijar. Mu kasuwarmu BRVM ce ta Abijan, kuɗinmu sefa. Zan iya kwafar 20 da 10 ɗin nan?

Malam Isuhu: Kar ka kwafa ɗan'uwa. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, hauhawar farashi a yankinku ta yi ƙasa da tamu nesa ba kusa ba. R da g duka za su sauko. Ka fara daga abin da takardun lamunin gwamnati ke bayarwa a sefa ka ɗora ladan kasada. Misali kawai: r ta 11, g ta 4, rabon bara sefa 300, na baɗi 312, a raba da 0.07, kusan sefa 4,457. Idan ka saka g ta naira a kan r ta sefa, tazarar za ta koma maki ɗaya, ka faɗa ramin 595 irin na Nafi'u.

Ustaz Kabiru: Tambaya: wanda ba ya mu'amala da ruwa, sa kuɗin ruwa a cikin lissafinsa fa?

Hajiya Rabi: Malam, a nan ba karɓarsa ake yi ba, awo ake yi da shi. R tana nufin abin da ka bari don ka sayi wannan. Idan takardun ruwa ba sa cikin zaɓinka, auna da sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci. Na farko a 2017 aka fitar, naira biliyan 100 na shekara bakwai, ladan haya kashi 16.47. Ɗauki na sukuk da ke kasuwa yanzu ka ɗora ladan kasada. Hukuncin shi kansa kamfanin, sana'arsa da bashin da ke kansa, wannan ku malamai kuka fi mu sani.

Abdul Akanta: Saura haraji. Ana cire kashi 10 daga rabo kafin ya shigo asusu. 5.50 ɗin 4.95 ce a hannu, a raba da 0.10, naira 49.50.

Bintu: Idan 20 ɗin da yake nema bayan haraji ce, e. Idan ya ɗauko ta daga abin da kasuwa ke biya kafin haraji, ka cire a sama ka bari a ƙasa ke nan, irin kuskuren da Malam Isuhu ya faɗa a kan hauhawa.

Nafi'u: A hannu nake nufi, bayan an cire komai. To 49.50 ke nan idan g 10 ce. Da 12 kuma, 5.60 a cire kashi 10 saura 5.04, a raba da 0.08, naira 63. Duk ba su kai 70 ba. Hajiya, zan koma rahoton shekarar da rabon ya faɗi zuwa naira 2 in ga ko ribar ce ta faɗi ko riƙewa suka yi don gini.

Hajiya Rabi: Duba har da ko sun ba da kyautar hannun jari a tsakani. Idan an ba da ɗaya a kan kowane huɗu, duk rabon da ya gabaci wannan ranar sai ka raba shi da 1.25 kafin ka jera, in ba haka ba faɗuwar da kake gani wani ɓangarenta ƙaruwar yawan hannayen jari ce kawai.

Bintu: Ni dai har yanzu 20 ta yi mini kaɗan.